Neman Kuɗi Don Rahoton Wata Ya Riƙa Haɗa Kansa: Lissafin Da Darakta Yake Jira

A kamfanin da ke da rassa, makon farko da na biyu na kowane wata su ne mafi nauyi ga sashen kuɗi. Harajin albashin ma'aikata sai an miƙa shi kafin 10 ga wata ta wuce, harajin VAT kuma kafin 21, sannan a tsakaninsu ga rahoton da shugabanni ke jira: nawa aka sayar, nawa ya rage a sito, wa ake bi bashi, nawa aka kashe, nawa ke banki. Akantan da ya shekara yana kwafe alƙaluma daga wannan fayil zuwa wancan ya san cewa rabin aikin nan kwamfuta za ta iya yin sa. Abin da ke hana shi samun kuɗin gyaran, sau da yawa, shi ne takardar da yake kai wa darakta. Takardar takan cika da sunayen manhajoji da alkawarin cewa za a huta, alhali darakta tambaya uku ce a ransa: nawa zan fitar, me zan samu, kuma yaya zan gane in abin bai yi ba.

A ganina, takardar tana tsayawa ko ta faɗi a kan adadi ɗaya, wato awoyin da aka ce za a rage. Idan adadin na zato ne, komai da aka ɗora a kansa zato ne. Idan kuma na gaskiya ne, sau da yawa yakan fito ƙasa da yadda mai takardar ke fata, har ya kasa biyan kuɗin aikin shi kaɗai cikin shekara guda. Wannan ba dalilin fasawa ba ne. Yana dai nuna cewa hujja mafi ƙarfi tana wani wuri dabam, kuma dole a nemo ta.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshensa. Alƙaluman duk na misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Mu ce kamfanin dillancin kayan masarufi ne, hedikwatarsa a Kano, yana da rassa a Kaduna da Katsina da Gusau. Kowane reshe yana turo fayil ɗin Excel na ciniki da na bashi da na kayan sito. Akanta da mataimakinsa su haɗa, su daidaita da littafin asusu, su zana jadawali, su rubuta bayani. Rahoton yakan isa teburin darakta wajen 14 ga wata.

Kafin a rubuta ko da kalma ɗaya ta takardar, sai an auna. Duk wanda ke taɓa rahoton ya ajiye takarda kusa da shi, ya riƙa rubuta abin da ya yi da lokacin da ya ɗauka, har ƙarshen wata uku a jere. Wata ɗaya ba ya isa, domin watan azumi da na sallah ba daidai suke da sauran watanni ba a irin wannan kasuwanci, haka ma ƙarshen shekara. Tunawa da ka ma ba ta isa, domin mutum yakan tuna daren da ya kai ƙarfe goma a ofis, ya manta ranakun da aikin ya tafi salin-alin.

Mu ce awon ya nuna awa 48 a wata. Bin rassa da waya su turo fayil ya ci awa 6. Gyara fayilolin da haɗa su wuri ɗaya ya ci 14. Daidaita su da littafin asusu da takardar banki ya ci 10. Zana tebur da jadawali 8, rubuta bayani 5, dubawa da gyaran kuskure 5. A nan ne mai sayar da manhaja zai ce duka awa 48 ɗin za su koma danna maɓalli ɗaya, kuma a nan ne mai rubuta takarda ya kamata ya ja birki, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Matakin da kwamfuta ta fi ƙwarewa a kansa shi ne gyara da haɗawa. Power Query, wanda yake cikin Excel na Windows tun daga na 2016, yana iya ɗauko duk fayilolin da ke cikin jaka ɗaya ta hanyar `Data > Get Data > From File > From Folder`, ya bi matakan gyaran da aka koya masa sau ɗaya, ya jera su a tebur guda. Wata mai zuwa sai a zuba sababbin fayiloli a jakar, a danna `Refresh All`. Awa 14 na iya komawa 2. Zane-zanen jadawali ma, tunda daga wannan teburin suke ɗiba, 8 na iya komawa 1. Amma bin rassa aikin mutum ne da mutum. Tsayayyen tsari zai rage shi, ka ce daga 6 zuwa 4. Daidaita asusu zai ragu kaɗan, daga 10 zuwa 7, domin kwamfuta za ta nuna maka cewa cinikin Gusau ya gaza da naira dubu ɗari uku, amma ba za ta san cewa wani ɗan kasuwa ya maido da katan ashirin na mai ba a rubuta ba. Sai an kira manajan reshen. Rubuta bayani yana nan a 5, kuma bai kamata a rage shi ba, don shi ne abin da darakta ya fi karantawa. Dubawa ta koma 4. Jimilla awa 23.

Akwai aikin da babu shi a da, yanzu zai shigo, kuma takardu da yawa sukan tsallake shi: kula da tsarin kansa. Sabon kaya ya shigo ba shi da lamba, wani reshe ya sauya sunan ginshiƙi, an buɗe sabon asusun banki. A sa masa awa 3 a wata. Ke nan sabon aikin awa 26 ne, abin da aka rage kuma awa 22 a wata, wato 264 a shekara. Ƙasa da rabin aikin ne, amma adadi ne da za ka iya tsayawa a kansa bayan wata shida, in darakta ya ɗauko takardarka daga aljihun tebur ya ce a gwada.

Yanzu a mayar da awoyin kuɗi. Idan abin da kamfani ke kashewa a kan ma'aikaci irin wannan, albashi da alawus da fansho, ya kai naira 400,000 a wata, kuma yana aikin awa 160, to kowace awa naira 2,500 ce. Awa 22 ta zama naira 55,000 a wata. A ɗaya ɓangaren, gwanin da zai gina tsarin ya nemi 900,000, horar da ma'aikatan hedikwata da na rassa 200,000, sai 100,000 na ko-ta-kwana. Kuɗin da ake roƙo ke nan, naira 1,200,000. A ƙara da awa 60 da ma'aikatan gida za su ba aikin, wato 150,000, domin lokacinsu ma kuɗin kamfani ne. Raba 1,350,000 da 55,000, za ka ga sai bayan wajen wata 25 aikin zai maido da abin da ya ci.

Shekara biyu da ɗoriya. Darakta mai ido zai ƙara da tambayar da ta fi wannan zafi: albashin wa zai ragu? Amsar ita ce babu. Akanta zai karɓi albashinsa cif ko ya yi awa 22 ɗin ko bai yi ba, saboda haka naira 55,000 ɗin ba kuɗi ba ne da za su bayyana a banki. Awoyin da aka rage suna zama kuɗi ne kawai ta hanyoyi ƙalilan: a daina biyan kuɗin ƙarin lokaci, ko a fasa ɗaukar sabon ma'aikacin da ake shirin ɗauka, ko a zuba awoyin a wani aiki takamaimai da ke shigo da kuɗi. Takardar da ta ce ma'aikata za su samu damar yin ayyuka masu muhimmanci ba ta ce komai ba. Wadda ta ce mataimakin akanta zai ba da awa 15 a wata wajen kiran masu bashin da ya haura kwana 60, ita ce ta ba darakta abin da zai riƙe.

Wannan ya kai mu ga hujjar da na ce ta fi ƙarfi, wato ranar da rahoton ke fitowa. Rahoton watan Maris da ya iso 14 ga Afrilu ya zo ne bayan an ci kusan rabin sabon wata. A cikin kwanakin nan, ɗan kasuwar da wa'adin bashinsa ya wuce ya sake zuwa reshen Katsina ya ɗauki kaya, domin babu wanda ya sanar da reshen a dakatar da shi. Kayan da suka kusa lalacewa a siton Kaduna suna nan jibge, Gusau kuma tana ta neman irinsu. Idan rahoton ya dawo 6 ga wata, an samu kwana takwas. Mu ce ganin jerin masu bashi da wuri yana sa a karɓo naira miliyan goma kwana takwas kafin lokacin da aka saba. Kamfanin da ke juya kuɗin banki a kan ruwan kashi 30 cikin ɗari a shekara, kuma wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, zai tsira da kusan naira 66,000 a kowane wata. Kamfanin da ba ya mu'amala da ruwa, kuma irinsu suna da yawa a kasuwanninmu, sai ya lissafa ribar da miliyan goma ke kawowa in ta shiga kaya ta fita cikin kwana takwas. Idan aka haɗa 66,000 da 55,000, lokacin maido da kuɗi ya sauko zuwa wajen wata 11.

Sai dai a kiyaye, kada a cakuɗa adadin biyu a layi ɗaya. Awa 22 a kan awon da aka yi take tsaye. Miliyan goma kuwa hasashe ne, ya dogara da cewa wani zai ɗauki waya ya yi kiran, kuma mai bashin zai biya. A rubuta na farko a matsayin abin da aka ɗauki alkawarinsa, na biyu a matsayin abin da ake sa rai, tare da bayyana daga ina aka samo shi. Daraktan da ya ga ka raba su da kanka ya fi saurin yarda da kai fiye da wanda shi ne ya gano ɗinkin.

Kafin a yi alkawarin 6 ga wata ma, a koma ga takardun awon nan a duba wani abu: a cikin kwana 14 ɗin, nawa ne na aiki, nawa ne na jira? Idan ƙidayar kayan sito a rassa ba ta ƙarewa sai 9 ga wata, ko ba a rufe littafin asusu sai 10, to babu manhajar da za ta fitar da rahoto ranar 6. Alamar a fili take: awoyin aiki kaɗan ne amma kwanakin suna da yawa. A irin wannan hali, abin da ya kamata a roƙi darakta shi ne umarni, cewa kowane reshe ya ƙidaya kayansa ranar ƙarshe ta wata, ya turo fayil kafin 3 ga sabo. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma in babu shi kuɗin da aka kashe ba zai motsa ranar rahoto ba.

Maganar lasisi tana buƙatar tsayawa, domin nan ne na fi ganin ana yin ɓarna. Mutane da yawa suna fara takardarsu da Power BI, saboda allonsa yana da kyan gani a ɗakin taro. Manhajar da ake ginawa da ita, Power BI Desktop, kyauta ce, amma raba rahoton ga wasu ta intanet yana buƙatar lasisi, kuma na Pro ya koma dala 14 ga kowane mutum a wata tun Afrilun 2025. Mutum uku kacal, darakta da manajan kuɗi da akanta, dala 42 ke nan. Idan an ƙaddara dala a naira 1,500, ya zama 63,000 a wata, wanda ya zarce 55,000 ɗin da aka ce za a rage. Kuma kuɗi ne na dala, a ƙasar da kowa ya ga abin da ya sami naira bayan an saki farashinta a Yunin 2023. Don haka ga kamfani mai girman wannan, matakin farko ya tsaya a Excel ɗin da aka riga aka mallaka, a fitar da rahoton a PDF. Power BI ya jira ranar da manajojin rassa za su buƙaci duba alƙalumansu kullum a waya, sannan a rubuta masa takardarsa dabam da hujjarsa dabam. Duk kuɗin da ke tafiya da dala a rubuta shi da dala da naira, a faɗi farashin canjin da aka yi amfani da shi, a nuna kuma yadda lissafin zai kasance in dalar ta hau.

Takardar kirki tana faɗin inda abin zai iya karyewa, kuma a wannan aiki wuraren sanannu ne. Reshen da ke ɗaukar hoton littafin ciniki na hannu ya turo ta WhatsApp ba shi da abin da Power Query zai karanta. Sai an fara ba shi tsayayyen fayil mai ginshiƙai a kulle. Reshen da ya rubuta `Amt` a inda sauran suka rubuta `Amount` zai sa tsarin ya tsaya da saƙon kuskure, ko kuma, in fayiloli ake haɗawa, ginshiƙin nasa ya fito babu komai. Tsayawar ta fi sauƙi, don kowa zai gan ta. Mafi haɗari shi ne kuskuren da ba ya ƙara. Kwanan wata `03/04/2025` a wajenmu 3 ga Afrilu ne, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris, cinikin ranar ya faɗa watan da ba nasa ba, jadawali kuma ya fito tsaf. Maganinsa shi ne a sauya nau'in ginshiƙin ta `Change Type > Using Locale`, a zaɓi tsarin da ke fara da rana. Haka fayil ɗin da aka turo sau biyu, na farko da wanda aka gyara, in duka suka zauna a jaka ɗaya, cinikin reshen zai ninka.

Saboda irin waɗannan ne ya zama dole kasafin ya ƙunshi shafin bincike a cikin rahoton. Shafi ne mai sauƙi da ke kwatanta jimillar da tsarin ya haɗo da jimillar littafin asusu, reshe-reshe, ya kuma ƙirga fayilolin da suka shigo. Ga layin da ke kwatanta jimillar baki ɗaya:

```
=ROUND(SUM(Sales[Amount])-Ledger!B2,2)=0
```

Idan amsar ta fito `FALSE`, rahoton ba ya barin sashen kuɗi. Kuma a wata biyu na farko a yi aikin ta hanya biyu, tsohuwa da sabuwa, a kwatanta. A gaya wa darakta tun farko cewa a watannin nan aikin ƙaruwa zai yi, ba za a fara ganin ragi ba sai wata na uku ko na huɗu. Wanda bai faɗi haka ba, a watan farko za a ce aikin ya gaza.

Akwai kuma mutumin da ke riƙe da tsohon fayil ɗin. Shi ya san dalilin da ya sa ake cire wani kwastoma daga lissafin Kaduna a sa shi a na Kano, kuma wannan sanin ba a rubuce yake ko'ina ba. In ya ji cewa aikin nan hanyar raba shi da abincinsa ce, ba zai yi gardama a taro ba, amma bayanin da gwani ke buƙata ba zai fito ba. Takardar ta ambaci matsayinsa a sabon tsarin, kuma abin da ya fi dacewa shi ne a mai da shi mai kula da shi, a horar da mutum na biyu tare da shi. A sa a yarjejeniyar gwanin cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai ya miƙa bayanin matakan a rubuce, kuma ma'aikacin gida ya fitar da rahoton wata ɗaya ba tare da shi ba. Idan rahoton ya ƙunshi albashin mutane ko bayanan kwastomomi, a faɗi wanda zai iya buɗe jakar da abin da baƙon gwani zai gani, domin dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta hau kan kamfani.

Ita takardar kanta, ko da Hausa aka rubuta ta ko da Turanci, shafi biyu sun ishe ta, lissafin dalla-dalla ya bi baya a maƙale. Roƙon ya zo a sakin layi na farko, kafin kowane bayani, kamar haka:

Ranka ya daɗe, ina neman amincewarka a kashe naira 1,200,000, kashi biyu, don rahoton wata ya riƙa haɗuwa a Excel ba tare da kwafe da hannu ba. Mun auna aikin na wata uku, yana cin awa 48 a wata. Muna sa ran ya koma 26, rahoton kuma ya riƙa iso maka 6 ga wata maimakon 14, muddin rassa suka turo fayilolinsu kafin 3 ga wata. Babu sabon lasisin da za a saya.

Rabon kuɗin kashi biyu shi ne abin da ke sauƙaƙa wa darakta sa hannu. Kashin farko, naira 400,000, ya ɗauki ciniki da bashi na Kano da Kaduna kawai, tunda su ne suka fi tsari. A rubuta sharaɗin ci gaba ƙarara: wata biyu a jere jimillar sabon tsari ta yi daidai da littafin asusu, kuma lokacin gyara da haɗa fayilolin rassan biyu ya ragu da aƙalla kashi biyu cikin uku, bisa irin takardar awon da aka yi amfani da ita tun farko. In an cika sharaɗin a saki sauran 800,000 don Katsina da Gusau da kayan sito da horarwa. In ba a cika ba a tsaya nan, kamfani ya riƙe tsayayyun fayilolin rassa da shafin bincike, waɗanda za su ci gaba da amfani ko da an koma haɗawa da hannu. A ƙasan takardar a sa ranar da za a dawo wa darakta da sakamakon awon, da sunan wanda zai kawo shi.